Gem ɗina ya ƙi buɗewa, wai babu MSVCR100.dll, na sauko da fayil ɗin kuma abin ya ƙara lalacewa

Dan_Rigasa:
Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar kwamfuta a taimaka min. Na sayi laftof takwambo, mai shagon ya zuba min sabuwar Windows 10 mai bit 64, sai na kwafo wani tsohon gem na tseren mota daga wajen abokina a filas, a tasa kwamfutar lafiya lau yake tashi amma ni ina danna shi sai wannan ya fito:

```
The code execution cannot proceed because
MSVCR100.dll was not found.
```

Na nemo fayil ɗin a wani shafi na sauko da shi, na jefa a System32 kamar yadda suka ce, bai canja komai ba, saƙon dai shi ne. Sai na kwafe shi na sa cikin foldar gem ɗin kusa da fayil ɗin da ake dannawa, to yanzu ya daina cewa babu shi, sai wani sabo:

```
The application was unable to start correctly (0xc000007b).
```

Gaba na yi ko baya? Kuma data ta kusa ƙarewa don haka kar a ce min in sauko da abu mai nauyi dan Allah.

Sarkin_Pad:
Baaba Windows ɗin ce ba a zuba ta daidai ba. Ka mayar wa mai shagon ya sake maka fomat kawai, ka huta.

Abu_Kawo77:
Wane irin fomat kuma? Ka sauko da Visual C++ 2015-2022 na x64 tunda ka ce bit 64 ce kwamfutarka, duk na baya suna cikinsa. Ni haka na yi da nawa ya ce babu MSVCP140.dll, nan take ya tashi.

Dan_Rigasa:
@Abu_Kawo77 wlh shi na fara sawa tun kafin in zo nan, na manta ban faɗa ba. Har ristat na yi. Babu abin da ya canja.

Injiniya_TW:
Wa alaikumus salam. @Dan_Rigasa kar ka yi fomat, sabuwar Windows ma haka za ta ce maka, don ita ce ma sanadin abin. Bari in yi bayani a hankali.

Mai rubuta gem ba ya rubuta komai da hannunsa, wasu ayyukan kamar lissafi da buɗe fayil da karanta pad yana aro ne daga wasu fayiloli da aka riga aka tanada, su ne DLL ɗin nan. A cikin fayil ɗin gem akwai jerin sunayen duk waɗanda yake buƙata. Kana danna shi, kafin gem ɗin ya yi ko motsi ɗaya, Windows za ta bi jerin nan tana nemo su, ta fara duba foldar gem ɗin kanta, sannan foldar tsarin Windows, sannan wasu wurare. In ta rasa guda ɗaya tak sai ta tsaya ta nuna maka sunansa. Abokinka ya daɗe yana zuba gem-gem a kwamfutarsa, kowanne ya shigo masa da waɗannan kayan ba tare da ya lura ba. Kai kuma folda kawai ka kwafo, kayan da ke ƙarƙashinta suna can cikin Windows ɗinsa ba su biyo ka ba.

Lambar da ke cikin sunan ita za ta gaya maka wanne za ka nema:

```
MSVCR100 / MSVCP100      -> Visual C++ 2010
MSVCR110 / MSVCP110      -> Visual C++ 2012
MSVCR120 / MSVCP120      -> Visual C++ 2013
MSVCP140 / VCRUNTIME140  -> Visual C++ 2015-2022
```

Ka lura 100 ba 2010 ake rubutawa ba amma shi ne, kuma 120 na 2013 ne ba 2012 ba, nan mutane ke yawan ruɗewa. Naka na 2010 ne.

@Abu_Kawo77 maganarka rabi gaskiya ce. Daga 2015 zuwa 2022 ne aka haɗe su wuri ɗaya, duka 140 suke amfani da shi, shi ya sa naka ya gyaru. Amma 2010 da 2012 da 2013 kowanne zaman kansa yake, sabo ba ya maye gurbin tsoho. Gem ɗin da ya ce MSVCR100 yake so, ko ka ba shi 140 sau goma ba zai kalle shi ba.

Abu_Kawo77:
To fa. Ashe shi ya sa nake ganin su jere reras a Programs and Features kusan goma, har na taɓa tunanin in goge tsofaffin in samu fili.

Injiniya_TW:
Kar ka taɓa su Malam Abu, filin da suke ci bai taka kara ya karya ba, kuma ka goge ɗaya gobe wata manhaja ce za ta ƙi tashi ka rasa dalili.

Maman_Ilham:
Sannunku. Ni ma yarana suna da irin wannan matsalar a kwamfutar gida, gem ɗin ƙwallo ne, kwana biyu yana yi sai ranar nan ya ce babu steam_api64.dll. Wane Visual ɗin zan saka masa? Sun dame ni wlh tun da aka yi hutu.

Kadpoly_Coder:
@Maman_Ilham Anti naki daban ne, babu Visual C++ ɗin da ke ɗauke da wannan. steam_api64.dll na cikin gem ɗin ne, tare suke zuwa a folda ɗaya. Tunda da yana yi daga baya ya ɓace, mafi yawanci antibairos ce ta kama shi ta kulle. Ki buɗe Windows Security, ki shiga Virus & threat protection, sai Protection history, ki duba ko sunansa na nan. In ta Steam aka sayi gem ɗin, a Properties na gem ɗin akwai Verify integrity of game files, zai dawo da abin da ya ɓata da kansa. In kuma a shago aka zuba wa yaran, to fayil ɗin an taɓa shi ne shi ya sa aka kama shi, ni dai ba zan ce ki sake shi a kwamfutar da kike shiga banki da ita ba.

Maman_Ilham:
A shago ne kam. Bari babansu ya dawo ya duba, ngd ƙanina.

Sarkin_Pad:
Kai Kadpoly ka cika tsoro, rabin gidajen gem na garin nan da me kake zaton suke aiki? 😂

Kadpoly_Coder:
Gidan gem ba sa ajiye lambar sirrin banki a injin da yara ke buga ƙwallo ai.

Dan_Rigasa:
Jama'a a dawo kaina dan Allah 😅 Oga Injiniya na gane 2010 zan nema. To amma wannan 0xc000007b ɗin fa? Shi ko sunan fayil bai ambata ba. Kuma me ya sa da na sa a System32 bai gani ba, alhali ka ce nan Windows ke dubawa?

Injiniya_TW:
Yawwa, wannan tambayar ita ce mai muhimmanci, kuma abubuwa biyun da ka yi sun riga sun ba mu amsa ba sai na ga kwamfutar ba.

A Windows mai bit 64 foldar tsari biyu ce. System32 ita ke riƙe da fayiloli masu bit 64, SysWOW64 kuma ita ke riƙe da masu bit 32. Eh, a juye sunayen suke, haka aka gada. Idan manhaja mai bit 32 ta nemi abu a System32, Windows na karkatar da ita zuwa SysWOW64 a ɓoye. To ka sa fayil a System32 gem bai gan shi ba, ke nan gem ɗinka ba can yake dubawa ba, mai bit 32 ne. Da mai bit 64 ne da ya ga fayil ɗin, ko ya karɓa ko ya yi wani ƙorafin daban, amma ba zai ci gaba da cewa babu ba.

Sannan ka kai shi foldar gem, inda ake fara dubawa, ya gan shi, ya yi ƙoƙarin ɗauka ya kasa. 0xc000007b ma'anarsa fayil ɗin da aka samo ba irin wanda za a iya lodawa ba ne. Kusan kullum sanadin shi ne gem mai bit 32 ya ci karo da DLL mai bit 64 ko akasin haka, wani lokacin kuma fayil ɗin ne ya lalace wajen saukowa. Kai da yake ka san Windows ɗinka 64 ce, na tabbata na 64 ka zaɓa a shafin nan. Sunansu ɗaya, MSVCR100.dll, amma kamar cajar waya ce, duk caja ake ce musu bakin ne bai shiga ba.

Abin da za a riƙe shi ne bit ɗin gem ake bi, ba na Windows ba. Shi ya sa ko da 2010 ɗin ka sa tun farko, in x64 ne kaɗai, da saƙon bai tafi ba.

Ga abin da za ka yi. Ka goge wanda ka sa a foldar gem, ka goge wanda ka sa a System32 ma tunda kai ka kai shi ba can ka same shi ba. In ka bar na foldar gem, ko ka sa na gaskiya daga baya shi za a ci gaba da fara gani, 0xc000007b ba zai tafi ba. Bayan nan kafin ka kashe data, leƙa cikin foldar da ka kwafo ko akwai wata mai suna _CommonRedist ko Redist ko Support, galibi masu gem suna saka kayan a ciki. Kana neman vcredist_x86.exe na 2010, x86 ɗin shi ne na bit 32. In babu ka sauko da shi daga shafin Microsoft, ƙarami ne bai kai mega 10 ba.

Zee_Barnawa:
Tambaya, in mutum bai yi irin gwajin da Dan_Rigasa ya yi ba, ta yaya zai san gem 32 ne ko 64? Tunda ya ƙi buɗewa balle a gan shi a Task Manager.

Kadpoly_Coder:
@Zee_Barnawa hanya mafi sauƙi, danna dama a kan fayil ɗin .exe, Properties, Compatibility, ki sa alama a Run this program in compatibility mode ki buɗe jerin. In kin ga Windows 95 da Windows XP a ciki to 32 ne. In daga Windows Vista ya fara to 64 ne. Ki cire alamar kafin ki rufe. Wata hanyar ki ja fayil ɗin cikin Notepad ki nemi PE na farko can sama-sama, in harafin L ya biyo baya 32 ne, in d ne da wata alama kamar gicciye 64 ne. Kar dai ki yi sebin, kuma in fayil ɗin babba ne Notepad zai ɗan daskare.

Amma ni gaskiya ba na ɓata lokaci, x86 da x64 duka nake sawa na kowace shekara, ba sa faɗa da juna. Wasu gem ɗin ma lanca ɗinsu 32 ne ainihin gem ɗin 64, ka ga dole sai biyun.

Baban_Gida_Malali:
Ni ban gane wahalar nan da kuke ba shi ba. Ka buɗe cmd ka buga sfc /scannow ya gyara duk fayil ɗin da ya ɓata, in bai yi ba ka yi regsvr32 msvcr100.dll. Shekara da shekaru haka muke yi.

Injiniya_TW:
Yallaɓai Baban Gida, sfc fayilolin Windows na asali kaɗai yake dubawa. MSVCR100.dll ba ya cikinsu, don haka zai gama ya ce bai ga matsala ba, gem kuma yana nan yadda yake. regsvr32 kuma na wasu irin DLL ne da ake yi wa rajista, wannan ba ya ciki, in ka gwada zai ce maka DllRegisterServer was not found.

Baban_Gida_Malali:
To ni dai ya taɓa yi min aiki, sai dai in ba wannan fayil ɗin ba ne. Allah ya ƙara sani.

Dan_Rigasa:
An ɗauke wuta batir ya mutu shi ya sa kuka ji ni shiru, yanzu na samu caji a shagon maƙwabci. Na goge guda biyun, na sami folda Redist a ciki kuwa, akwai vcredist_x86.exe na saka. 0xc000007b ya tafi, MSVCR100 ma ya tafi alhamdulillah. Amma ga wani kuma:

```
XINPUT1_3.dll was not found.
```

Abin nan ba ya ƙarewa ne? Na duba jerin da ka bayar babu shi.

Sarkin_Pad:
Ba na ce a yi fomat ba 🤣

Abu_Kawo77:
Wannan na pad ne, DirectX ke nan. Amma Windows 10 ai da DirectX 12 take zuwa, buga dxdiag ka gani. In 12 na nan ban ga yadda za a yi na ƙasa da shi ya ɓata ba, ko direban girafik ɗinka ne?

Injiniya_TW:
Ci gaba ne wannan ba koma baya ba, Windows ta wuce na farko ta iso na gaba a jerin. Malam Abu ya gano gidansu, DirectX ne, amma ba ruwan direba. dxdiag zai nuna 12 tabbas, sai dai akwai wasu ƙananan fayiloli na zamanin DirectX 9 zuwa 11 da ba a taɓa sa su cikin Windows ba, gem ne ke zuwa da su. XINPUT1_3.dll na ciki, haka d3dx9_43.dll da sauran masu d3dx9 da lamba, da D3DCompiler_43.dll, da X3DAudio1_7.dll na sauti. Windows 10 tana da xinput1_4, gem ɗinka kuma 1_3 ya sani.

Duk suna cikin ƙunshi ɗaya, DirectX End-User Runtimes (June 2010). Koma foldar Redist ɗin nan ka ga ko akwai DirectX a ciki da DXSETUP.exe. In sai ka sauko da shi ne ya kai kusan mega 95, kuma ga inda ake faɗawa rami: fayil ɗin da ka sauko, directx_Jun2010_redist.exe, ba ya saka komai, zai tambaye ka folda ne ya zazzage kayansa a ciki kawai. Mutane da yawa nan suke tsayawa su ce sun saka bai yi ba. Sai ka shiga foldar ka danna DXSETUP.exe, shi ne mai aikin, kuma shi yana zuba na 32 da na 64 a tare. Ba zai taɓa maka DirectX 12 ba.

Zee_Barnawa:
To in 0xc000007b ya fito kuma mutum bai san wane fayil ne ba fa? Ƙanina ya zuba DLL sun fi a ƙirga daga shafukan nan a tasa, yanzu gem uku ba sa tashi, shi kansa bai san me da me ya sa a ina ba.

Kadpoly_Coder:
Nan sai Process Monitor na Sysinternals, kyauta ne kuma ba a ma saka shi, buɗewa kawai ake. A Filter ki sa biyu:

```
Process Name  is         (sunan gem).exe
Path          ends with  .dll
```

Sai ki danna gem ɗin ki bari saƙon ya fito ki koma ki karanta. Za ki ga NAME NOT FOUND da yawa, kar ki tsorata, al'ada ce, ya duba foldar gem bai gani ba ya wuce SysWOW64 ya samu SUCCESS. Wanda ya ɓata da gaske shi ne wanda aka nema a kowace folda har ƙarshe babu SUCCESS ko ɗaya. Na 0xc000007b kuma akasin haka ne, an same shi, don haka ki duba DLL na ƙarshe-ƙarshe da aka buɗe kafin komai ya tsaya, ki ga daga wace folda ya fito, yawanci shi ne mai laifin. Ki goge shi ki saka ƙunshinsa na gaskiya.

Akwai kuma Dependencies a GitHub, kina jefa masa .exe zai jero duk abin da yake buƙata ya yi wa wanda babu alama. Kar dai ki yi amfani da tsohon Dependency Walker a Windows 10, zai cika miki ido da ja a kan fayiloli masu api-ms-win alhali lafiyarsu ƙalau.

Injiniya_TW:
Ƙari kaɗan a kan na Zee, in ya danne na asali a SysWOW64 da na bogi, wani lokacin ko an sake saka ƙunshin ba ya taɓa fayil ɗin don yana ganin akwai shi. Shi ya sa gogewa ke zuwa kafin sakawa, ko a cire ƙunshin gaba ɗaya a mayar.

Sarkin_Pad:
Duk wannan dogon turanci. Mu a shago fayil ɗaya muke da shi a filas mai haɗe da Visual C++ duka tun daga 2005, danna ɗaya ya zuba komai, minti kaɗan an gama. Ba mu taɓa zama muna karanta lamba ba.

Injiniya_TW:
Yana aiki ban musa ba, amma wa ya haɗa shi? Kana ba shi izinin admin a injin kwastoma ba ka san me ke ciki ba. Ni na gwammace in tara na Microsoft ɗaya bayan ɗaya a filas ɗina, sau ɗaya ne wahalar.

Kadpoly_Coder:
A nan kam ina tsakiya Oga, akwai waɗanda a buɗe suke kowa na iya duba abin da ke ciki. Matsalar wanda ya yi yawo daga filas zuwa filas ne har ba a san asalinsa ba. Kuma ko shi ba zai kawo XINPUT1_3 ba in Visual C++ kaɗai ya haɗa, ka ga karanta sunan bai zama ɓata lokaci ba.

Sarkin_Pad:
Namu har DirectX ɗin akwai. Ku dai ku zo ku gani.

Umar_Mando:
Afuwan na shigo a makare. Ni nawa VCRUNTIME140_1.dll yake cewa, kuma na duba ina da Visual C++ 2015 x64 a jerin. Ba 140 ɗin ba ne?

Kadpoly_Coder:
140 ne amma mai _1 ɗin sai a 2019 aka ƙaro shi, tsohon na 2015 ba shi da shi. Sauko da sabon vc_redist.x64.exe na 2015-2022 zai hau kan wanda kake da shi.

Dan_Rigasa:
Oga Injiniya babu DirectX a Redist ɗin, foldar na nan amma wayam, ina jin abokin nawa ya goge. Mega 95 kuma ta fi ƙarfin datata yau. Ba zan iya kwafo XINPUT1_3.dll ɗin kaɗai daga SysWOW64 na kwamfutarsa in sa a foldar gem ba? Tunda yanzu na san na 32 nake nema.

Injiniya_TW:
Zai iya wuce wannan saƙon, don daga SysWOW64 ɗinsa bit ɗin daidai ne kuma ka san asalinsa. Amma ina kyautata zaton d3dx9 zai biyo baya, kuma na sauti irin XAudio2_7.dll sai an yi musu rajista, kwafi kaɗai ba ya isa, sai gem ya tashi babu sauti ko ya mutu ba tare da wani saƙo ba, wanda ya fi wannan wuyar ganowa. In kana shigowa gari gobe ka biyo Tudun Wada da filas ɗinka in zuba maka ƙunshin duka.

Dan_Rigasa:
Zan fara gwada kwafin daren nan in gani, in ya ƙi sai na shigo goben bayan azahar in sha Allah. Zan yi maka magana ta inbos.

Maman_Ilham:
Babansu ya duba, yana cikin Protection history ɗin kuwa, an rubuta Quarantined. Shi ya ce a danna Restore ni na ce a bari tukuna. @Kadpoly_Coder in an mayar da kwamfutar shagon su sake zubawa ba haka za a sake kama shi ba?